Yaya, Na Gode, Amma Ni Ina Gida

Saƙon yakan shigo ne da daddare, bayan mai shi ya taso daga aiki. Saƙon murya ne na minti uku ko huɗu, rabinsa gaisuwa: ya Inna, ya yara, ya kasuwa, ruwa ya sauka kuwa? Sai can wajen ƙarshe a zo kan magana. "Ka je ka yi fasfo cikin satin nan. Na samo maka hanya. Kada ka damu da kuɗi, komai yana wuyana."

A wannan zamani da sayen buhun shinkafa ya zama abin da ake zama a yi shawara a kai, yawancin mutane kafin saƙon ya ƙare sun fara neman hoton fasfo. Amma akwai wanda zai saurara, ya sake saurara, ya ji gabansa ya faɗi. Yana son yayansa, ya kuma san alheri ake nufinsa da shi. Shi dai ba ya son tafiyar. Yana son garinsu, da sana'arsa, da masallacin unguwarsu, da ganin mahaifiyarsa kullum da safe kafin ya fita. A kan wannan mutum nake son mu yi magana, domin ba kasafai ake jin ta bakinsa ba. Mai son tafiya yana da masu ba shi shawara a kowace majalisa. Mai son zama kuwa ko faɗin abin da ke ransa kunya yake ji, don kada a ce ba shi da zuciyar nema.

Abin da na lura da shi a gidaje da dama shi ne, ƙin tafiyar kansa ba shi ke ɓata zumunci ba. Abin da ke ɓata shi salon da ake bi a ƙi. Mu Hausawa bakinmu ba ya iya furta a'a ga na gaba da mu, balle ga wanda ya zo da kyauta a hannu. Sai mu ce "to", mu ce "in sha Allahu", mu ce "bari a ga abin da hali zai yi". A gida kowa ya san fassarar waɗannan kalmomi, in an ji su sau biyu sai a bar zancen. Amma wanda ya yi shekara goma a ƙasar da komai ke tafiya da takarda da wa'adi, kunnensa ya sake. In ka ce masa to, ya ɗauka to ɗin kake nufi, washegari ya fara biyan kuɗi.

Mu ƙaddara wani tela a Tudun Wadan Zariya, ɗan shekara 36. Yana da shago mai keke huɗu da injin aikin wuya ɗaya, da yara uku masu koyon aiki. Yana da mata da 'ya'ya uku, kuma sashensa na cikin gidan gado inda mahaifiyarsu take. Yayansa, uwa ɗaya uba ɗaya, yana Ingila shekaru masu yawa. A tsakiyar 2024 yayan ya turo irin saƙon can: ya samo masa aikin kula da tsofaffi, zai ɗauki nauyin komai.

Kafin telan nan ya ce e ko a'a, akwai tambayar da ya kamata ya fara yi, wadda mutane da yawa ba sa yi saboda nauyin baki: wane irin ɗaukar nauyi ake nufi? Kalmar tana ruɗar mu, domin a Hausa wanda ya ɗauki nauyinka shi ne mai ci da kai, mai tsaya maka. A dokar shige da ficen Birtaniya kuwa yaya ba ya iya ɗauko ƙaninsa lafiyayye ya kawo shi aiki don kawai su 'yan'uwa ne. Mai ɗaukar nauyin ma'aikaci shi ne kamfanin da gwamnati ta ba lasisi, shi ke fitar da shaidar da ake kira CoS da sunan mutum, kuma da ita ake neman biza. Yayan abin da zai iya shi ne ya haɗa ka da kamfanin, ya biya kuɗin hanya, ya ba ka katifa a falonsa na 'yan watanni. Zamanka a ƙasar yana rataye ne a wuyan kamfani. In kamfanin ya sallame ka, ko gwamnati ta ƙwace lasisinsa, yawanci kwana 60 ake ba ka ka samo wani mai lasisi ko ka tattara ka koma gida. Wannan ba tsoratarwa ba ce: gwamnatin Birtaniya da kanta ta ce tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 ta soke lasisi fiye da 470 a fannin kula da tsofaffi da marasa lafiya, abin da ya shafi ma'aikata sama da 39,000.

Sai abu na biyu, wanda ga magidanci ya fi na farko nauyi. Daga ranar 11 ga Maris 2024 an hana sababbin masu shiga wannan aiki tafiya da iyalansu. Ke nan telanmu shi kaɗai zai tafi. Matarsa da yara uku za su zauna a Zariya, sai dai gaisuwa ta waya. Yayan bai ɓoye wannan da mugun nufi ba. Shi ya shiga ƙasar tun ƙofa tana buɗe, iyalinsa na tare da shi, kuma a ransa abin da ya yiwu gare shi zai yiwu ga ƙaninsa. Sau da yawa na can ɗin ma bai bi diddigin yadda doka ta sauya ba, domin ba ta shafe shi ba.

Yanzu mu yi lissafin kuɗi, mu yi shi da gaskiya, domin masu son zama a gida sukan yi wa kansu ƙarya a nan. Mafi ƙarancin albashin da doka ta gindaya wa wannan biza a wancan lokaci, wato daga Afrilun 2024, shi ne fam 23,200 a shekara. In an cire haraji da kuɗin inshorar ƙasa, abin da ke isa hannu ya kai kimanin fam 1,680 a wata. Mu ce bayan ya bar falon yayansa ya kama ɗaki ɗaya a gidan haya na haɗaka a fam 550, abinci da mota da waya da kayan sanyi suka ci fam 450. Saura wajen fam 680. A lokacin fam ɗaya yana kai-komo a kusa da naira 2,000, domin tun da aka saki naira a Yunin 2023 darajarta ta zube. Ke nan abin da zai iya turowa gida ya haura naira miliyan ɗaya da dubu ɗari uku a wata, muddin kamfanin ya ba shi cikakkun awannin aiki, abin da ba kowa ke samu ba. Shagonsa kuwa, mu ce a watan da ba na Sallah ba yana bar masa naira 250,000 bayan ya sallami yara ya sayi man janareto, sai a azumi da gabanin Babbar Sallah abin ya ninka.

Lissafin a fili yake: ta fuskar kuɗi zalla, tafiya ta fi. Duk wanda zai ƙi tayin ɗan'uwansa gara ya kalli wannan ido da ido, ya yarda cewa akwai abin da zai rasa. In ya gina a'arsa a kan cewa "ai can ma babu komai, wahala ce kawai", yayan zai ɗauko biro ya rushe masa hujjar cikin minti biyar, kuma yana da gaskiya. Telan ba don kuɗin can sun yi kaɗan zai zauna ba. Zai zauna ne don ya auna abin da za a biya shi da abin da zai bayar, ya ga cinikin bai yi masa ba. Zai bar sana'ar da ya shekara ashirin yana gogewa a kanta, inda shi ne mai shago, ya koma sabon shiga a aikin wanka da ciyar da tsofaffin wasu, alhali tasa tsohuwar na gida. Aikin ba abin raini ba ne, halal ne kuma akwai lada ga mai yin sa da zuciya ɗaya. Amma ba kowa aka halitta dominsa ba. Masu ɗinkinsa kuma ba za su jira shi ba; wanda ya kai yadinsa wani shago Sallah biyu a jere ya zama na can. Babban ɗansa yana shekara goma sha ɗaya, daidai lokacin da yaro ke buƙatar idon uba. Waɗannan ba sa shiga na'urar lissafi, amma su ne maganar.

Akwai ma wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan dalilai. Ba shi da tsohuwa, ba shi da shago, kawai dai hankalinsa ya fi kwanciya a inda aka san shi aka san ubansa. A ganina wannan ma ya isa dalili. Kakanninmu da suka ce na zaune bai ga gari ba, su ne kuma suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Sun san mutane iri biyu ne. Ko a zamanin fatauci, da ayari ke tashi daga Kano zuwa Gwanja neman goro, ba duk gari ke bin madugu ba. Wani ne ya zauna ya rina bakin da aka ɗauka, ya jeme fatar, ya riƙe gidan da fatake ke dawowa su tarar.

To, in mutum ya yi istihara, ya yi shawara, zuciyarsa ta tsaya a kan zama, abin da ya fi komai muhimmanci shi ne lokaci. A'a tana da farashi, kuma kullum ƙara tsada take yi. A ranar da saƙo ya zo, kyauta ce. Bayan an yi fasfo, ta ɗan yi kuɗi, amma da sauƙi tunda fasfo naka ne, zai yi amfani ko don aikin Hajji. Daga nan sai jarrabawar Turanci, irin su IELTS, wadda kuɗinta ba kaɗan ba ne kuma sakamakonta shekara biyu kawai yake aiki. Sai gwajin tarin fuka, wanda dole ne ga ɗan Najeriya mai niyyar zaman fiye da wata shida a Birtaniya, ana yin sa a asibitocin da aka amince da su kawai, kuma takardarsa wata shida take yi. Sai takardar shaidar 'yan sanda. Sai fam 1,270 da ake so a gani sun kwana 28 a asusunka, in kamfani bai tsaya maka ba, wanda yawanci yayan ne zai cire daga ajiyarsa ya zuba maka. Da zarar an fitar da CoS kuwa agogo ya fara bugawa, domin cikin wata uku ake son a nemi biza da ita. In aka biya kuɗin biza aka ɗauki hoton yatsu, kuɗin nan ba sa dawowa.

Akwai kuma kuɗin da ba a rubutawa. Doka ta hana sayar da CoS, amma kowa ya san akwai dillalai da ke karɓar dubban fam a kanta, kuma ɗan'uwa mai zumuɗin taimako yakan faɗa hannunsu ya biya a ɓoye, wani lokaci da bashi. Ga kuma mutuncinsa: ya je ya roƙi shugabar wurin aikinsa, ya ce ƙanina mutumin kirki ne, ni na tsaya masa. Wanda ya bari sai an kai wannan mataki sannan ya fara ƙin ɗaga waya, ba tafiya kaɗai ya ƙi ba, ya kunyata ɗan'uwansa a gaban baƙi, ya kuma bar shi da bashi. Irin wannan ne ake shekara biyar ba a gaisawa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sati ɗaya, in ya yi yawa biyu, ya isa mutum ya san ransa, kuma a cikin kwanakin nan abin da ya dace ya faɗa shi ne: "Yaya, don Allah kada a biya ko sisi tukuna, ba ni zuwa Juma'a mai zuwa in ba ka amsa."

Kuskure na biyu shi ne fakewa da uzuri. Kunya takan sa mutum ya nemo dalilin da ba zai ɓata wa kowa rai ba, sai ya ce ai babu mai kula da Inna. Yayan ya ce zai ɗauki mai aiki, ƙanwarsu ma ta riƙa kwana a gidan. Ya ce ai shago. A ce ka bar wa babban yaronka, ka riƙa dubawa ta waya. Ya ce Turancina ba ƙarfi. A turo kuɗin darasi. Duk uzurin da kuɗi ke iya warwarewa ba amsa ba ne, aiki ne ka ƙara wa mai son taimakonka, kuma kowane uzuri da ya kawar yana ƙara masa haƙƙi a kanka. Ranar da uzurori suka ƙare za ka tsaya tsirara, ga gaskiyar da ka ɓoye tun farko, ga kuma kuɗin da aka kashe a kan ƙaryarka. Dalilin da ba a iya saye shi ne na gaskiyar: ba na so, na fi son zama.

Mafi hatsarin uzuri shi ne wanda yake kama da sulhu, wato "bari in zo in gani tukuna". Sai a ce to a nema maka bizar ziyara, in ka zo ka ga wuri sai ka yanke shawara. Bizar ziyarar Birtaniya ba ta wuce zaman wata shida, ba a aiki da ita, kuma ba a juya ta ta koma ta aiki daga cikin ƙasar. In aka cika takardun da abin da ba gaskiya ba don a samu, aka gane, hukuncin yana iya kai wa hana mutum shiga na shekara goma, kuma tabon yakan taɓa wanda ya gayyace shi. Wanda ke son ziyarar zumunci ta gaskiya, ya je ya ga 'ya'yan yayansa ya dawo, wannan daban, sai a yi ta bayan an rufe maganar aiki, ba a cakuɗa su ba.

Sai tsarin faɗa. Telanmu ya fara da matarsa, domin da rayuwarta ake ciniki, kuma ba mamaki ita tana son ya tafi. Wannan zama ne mai wuya, amma gara a yi shi a ɗaki da a ji ra'ayinta daga bakin danginta. Daga nan sai Inna. A nan akwai dabara, domin a gidan Bahaushe maganar da uwa ta sa wa albarka ta zauna. Ba zuwa zai yi ya kai ƙarar yayansa ba, kuma ba zai roƙe ta ta ce ita ta hana ba, don wannan ma fakewa ce, kuma zai haɗa uwa da ɗanta. Zai gaya mata ne cewa Yaya ya yi masa babban alheri, shi kuma ya duba ya ga zamansa ya fi masa, yana neman ta sa albarka. In ta ce, "To, Allah ya sa haka ya fi alheri, sai ka kira yayan naku ka yi masa bayani da kyau," rabin aiki ya ƙare.

Yayan kuwa kira ake yi, ba rubutu ba, ba kuma saƙon murya ba. A zaɓi ranar hutunsa, kada a tare shi yana fitowa daga aikin dare. Kada kuma ya riga ya ji daga bakin wata ƙanwa. Bayan gaisuwa, maganar ba ta buƙatar tsawo:

"Yaya, maganar da ka yi mini na ɗauke ta da girma. Na san ba kowa ake yi wa haka ba, kuma na san abin da zai ci maka. Allah ya saka da alheri, ya raya zuri'a. Na yi istihara, na yi shawara da Inna da mai ɗakina. Gaskiyar magana, Yaya, ba zan iya tafiyar nan ba. Ba wai akwai abin da ya tare ni ba ne, raina ne ya fi kwanciya da zama a gida kan sana'ata. Na ga gara in faɗa maka yanzu tun ba ka kashe komai ba. Ka yi haƙuri, ka yafe mini."

Daga nan sai ya yi shiru ya bar Yaya ya yi faɗansa. Zai yi kuwa. Zai ce wasu na sayar da gida don su sami abin da kake turewa da ƙafa. Zai ce ka dubi 'ya'yanka. Amsar kowace ita ce, "Gaskiya ne, Yaya, na sani," ba tare da ja da baya ba kuma ba tare da jayayya ba. Abu ɗaya da bai kamata ya kuɓuce daga bakin telan ba shi ne kushe rayuwar can: ai ku bauta kuke yi, ai 'ya'yanku ba sa jin Hausa. Mutumin nan ya sha sanyi da kaɗaici shekara da shekaru, da kuɗinsa aka gyara rufin gidan gado. In ka ce zaɓinsa banza ne don ka kare naka, ka zage shi ne.

Yana da kyau a fahimci abin da ke bayan fushin, domin ba kuɗi ba ne kawai. Na waje yakan yi tayin nan saboda dalilan da shi kansa ba zai furta ba. Akwai kewa: yana son wani nasa kusa, wanda za su ci tuwo tare ranar Sallah. Akwai gajiya: shi kaɗai ke ɗauke da gida, kowace rashin lafiya da kuɗin makaranta wayarsa ake kira, yana son a zama biyu. Akwai kuma nauyin da yake ji na barin uwa, wanda fitar da ƙani zai rage masa. In telan ya gane haka, ya san cewa a'arsa na buƙatar rakiya. Zai iya cewa, "Maganin Inna na wata-wata ka bar mini shi daga yanzu, kai ka ji da manyan." Zai iya karɓar kula da ginin da Yaya ke yi a gida, ya riƙa tura masa hoto da rasit ba sai an tambaya ba. Wanda ya zauna yana da aikin da na waje ba zai iya ba, shi ne zuwa asibiti da tsakar dare, da tsayawa a jana'iza da ɗaurin aure da sunan gidan. In ya riƙe wannan da gaske, zamansa ya zama rabon aiki tsakanin 'yan'uwa.

Akwai jarabar da ke zuwa nan take, kuma mutane da yawa na faɗawa: "To Yaya, tunda ba zan tafi ba, kuɗin da za ka kashe ka ba ni in ƙara jari." A kunnen mai faɗa magana ce mai hankali. A kunnen mai ji kuwa, ka ƙi kyautarsa ka kuma sa mata farashi. Kuɗin nan ba naka ba ne, na wata niyya ce da ka ƙi, kuma mai yiwuwa ma ba ajiyayyu ba ne, rance za a ci. In Yaya ya huce ya kawo maganar jari da kansa, madalla. In kana da buƙata, bari watanni su wuce ka zo da ita a matsayin magana mai zaman kanta, da lissafinta. Haka nan kada ka yi saurin miƙa wani a madadinka, ka ce ga ɗan wane yana so. Takardar da sunan mutum ake fitar da ita, ba kujerar mota ba ce, kuma in wanda ka tura ya ba da kunya, kai za a tuna.

Mu a Arewa tayin ya fi zuwa daga Saudiyya fiye da Ingila, kuma na can ya fi wuyar ƙi, domin an naɗe shi da ibada. Gwaggo ko kawu da ke Makka ko Jidda zai ce zo ka yi Umara, in ka zo sai ka zauna mu nema maka abin yi. Wa zai buɗe baki ya ce ba ya son zuwa Ɗakin Allah? A nan sai a raba maganar biyu. Bizar Umara ba ta aiki ba ce, wanda ya wuce wa'adinta ya zama mai zaman ɓuya, ƙarshensa kamu da tarhil. Wanda ya shiga da bizar aiki kuma iƙamarsa na ƙarƙashin kafili, kuma sassaucin da Saudiyya ta yi wa tsarin a Maris 2021 bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida ba, alhali nan ne akasarin mutanenmu ke faɗawa. Don haka ana iya cewa, "Kawu, Umara ina so, Allah ya nufa in zo in yi in dawo. Zama ne ba zan iya ba." Ba wanda zai ce ka ƙi ibada.

Bayan an gama da Yaya, saura gari. 'Yan'uwan da suka riga suka fara lissafin abin da za ka riƙa turowa za su ji haushi fiye da shi. A majalisa za a ce an yi maka asiri, ko matarka ce ta shanye ka. Wannan ba ya buƙatar amsa, yakan mutu da kansa in ba a ba shi abinci ba. Abin da ke buƙatar kulawa shi ne bakinka a shekarun da ke tafe. Wanda ya ƙi tafiya ya rage wa kansa 'yancin yin kuka a kunnen wanda ya yi masa tayin. Ranar da kasuwa ta tsaya, ko aka yi kwana huɗu babu wuta ga ɗinkin Sallah jibge, ka nemi wani ka yi wa ƙorafi. In ka kira Yaya, amsar da za ka ji ka san ta, kuma ba za ka ce bai yi gaskiya ba.

Ya kamata kuma mai cewa a'a ya san cewa ƙofar ba lallai ta jira shi ba. Kada ya faɗe ta da tunanin in abubuwa suka ƙi sai in koma wa maganar. Telanmu ya ƙi a tsakiyar 2024. Ranar 22 ga Yulin 2025 Birtaniya ta daina ba sababbin masu kula da tsofaffi biza daga ƙasashen waje. Ko da ya sake shawara bayan nan, ko da Yaya ya ninka kuɗin, wannan hanyar ta rufe. In kai ne saƙon ya shigo wa a daren jiya, kuma ka san a ranka ba za ka tafi ba, kada ka je ofishin fasfo don a ga ka motsa. Ka sami Inna yau, ka kira yayanka ranar hutunsa.